Sifiri Biyu Ba Ɗaya Ba Ne: Saita Kod na Harajin VAT Don Takardun Saye da Sayarwa Su Zuba Haraji da Kansu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake saita kod na harajin VAT a manhajar lissafin kuɗi ta kamfani, ta yadda takardar sayarwa da ta saye za su lissafa harajin su kai shi asusun da ya dace ba tare da akanta ya sa hannu ba. Ta ɗauki dokar Najeriya da manhajar Microsoft Dynamics 365 Business Central a matsayin fagen nazari, ta bi lissafin wata guda na wani dillalin kayan masarufi da aka ƙaddara don misali. Abin da takardar ta tsaya a kai shi ne kod ba adadin haraji kawai yake ɗauke da shi ba, hukuncin doka yake ɗauke da shi, kuma kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne wanda ba ya nuna kansa a fuskar takarda.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin akanta a ranar 20 ga wata ya san irin zufar da ake yi. Kashegari, 21 ga wata, ita ce ranar ƙarshe ta miƙa bayanin VAT na watan da ya shige. Kwamfuta na kunne, manhaja ta fitar da jimla, amma ga akanta nan da kalkuleta a hannu yana bin takardun ciniki ɗaya bayan ɗaya, domin bai yarda da abin da injin ya gaya masa ba. Galibi yana da gaskiya. Injin bai yi ƙarya ba, sai dai abin da aka koya masa ranar da aka girka shi ne yake ta maimaitawa, daidai ne ko ba daidai ba.

Najeriya ta fara karɓar VAT a ranar 1 ga Janairun 1994, bisa dokar soja mai lamba 102 ta 1993, a kan kashi 5 cikin 100. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. A watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda aikinta ya kama daga 1 ga Janairun 2026. Ta bar adadin a 7.5, shi ya sa masu kamfanoni da dama suka ɗauka babu abin taɓawa a manhajarsu. Alhali ta sauya abubuwa biyu da suka shafi kod kai tsaye: ta mayar da kayan abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafan karatu daga jerin waɗanda aka ɗauke wa haraji zuwa jerin masu harajin sifiri, sannan ta buɗe ƙofar cire harajin da aka biya a kan hidimomi da manyan kadarori.

Wane ne, kuma mene ne

Lissafin VAT a kansa ba wuya. Ɗan kasuwa yana karɓar haraji in ya sayar, yana biya in ya saya, ƙarshen wata ya miƙa wa hukuma bambancin. Wuyar tana wajen yanke hukunci a kan kowane layi na takarda: a caji ko kada a caji, nawa, a wane asusu, kuma a wane gurbi na bayanin wata-wata.

Business Central tana yanke wannan hukunci da tambayoyi biyu. Ta farko, da wa ake cinikin? Amsar tana zaune a katin kwastoma ko na mai kawo kaya, a gurbin `VAT Bus. Posting Group`. Ta biyu, mene ne ake cinikinsa? Wannan tana katin kaya, a gurbin `VAT Prod. Posting Group`. Inda amsoshin biyu suka haɗu, akwai layi guda a shafin `VAT Posting Setup`, kuma a wannan layin ne aka rubuta adadin haraji, da salon lissafinsa, da asusun da zai faɗa in sayarwa ce, da wanda zai faɗa in saye ne. Sauran manhajoji suna da irin wannan tsari da wasu sunaye; a Odoo, misali, `Fiscal Positions` ke yin aikin tambaya ta farko.

A ƙaddara wani dillali da ke da sito kusa da kasuwar Singa a Kano. Yana sayar da sabulu, da shinkafa, da kayan jarirai. Kwastomominsa 'yan kasuwar gari ne, da wata ma'aikatar gwamnati, da wani mai sari a Maradi. Ga ɓangaren teburin da zai buƙata:

```
Bus.      Prod.     VAT %  VAT Calculation Type
GIDA      CIKAKKE   7.5    Normal VAT
GIDA      SIFIRI    0      Normal VAT
GIDA      YAFE      0      Normal VAT
GIDA      HADAKA    7.5    Normal VAT
GWAMNATI  CIKAKKE   7.5    Normal VAT
FITARWA   CIKAKKE   0      Normal VAT
KETARE    HIDIMA    7.5    Reverse Charge VAT
```

Sabulu yana rukunin `CIKAKKE`. In mai shago daga Kurna ya saya, layi na farko ya kama shi, a caje shi 7.5. In katan ɗin nan ne dai aka ɗora wa mota ta bi ta Jibiya zuwa Maradi, layin `FITARWA` ya kama shi, haraji ya zama sifiri, domin kayan da aka fitar waje, ban da mai da iskar gas, sifiri ne harajinsu; Nijar ce za ta karɓi nata a can. Yarinyar da ke buga takarda a kanta ba ta zaɓi komai ba. Ta sa sunan kwastoma, ta sa sunan kaya, shi ke nan. Sai dai akwai abin da manhaja ba ta gani: ko kayan sun tsallaka iyaka da gaske. Wannan sifirin takardun kwastan ne ke tsare shi, kuma ba a ba kwastoma rukunin `FITARWA` don kawai ya ce shi mutumin Maradi ne.

Marubucin wannan takarda yana ganin kuskure ne a sa wa kod sunan adadinsa, kamar `VAT0` ko `VAT75`. Suna irin wannan yana ingiza mutum ya tara duk abin da ba a cajin haraji a kansa a buhu ɗaya. Daga nan ne ɓarnar ke farawa.

Sifirin shinkafa da sifirin kayan jarirai

Layi na biyu da na uku a teburin sama kamar an tsaga kara suke: duka sifiri, duka salo ɗaya. A gaban doka kuwa hannun riga ne. Shinkafa tana cikin harajin, adadinsa ne sifiri, don haka mai sayar da ita yana da damar cire VAT ɗin da ya biya wajen gudanar da wannan ciniki. Kayan jarirai an fitar da su daga harajin gaba ɗaya, don haka duk VAT ɗin da aka biya saboda su ba ya dawowa, ya shige cikin tsadar kaya.

A da bambancin bai cika damun dillali ba. Sashe na 17 na tsohuwar dokar VAT ya taƙaita harajin da ake cirewa ga kayan da aka saya don sake sayarwa, ko waɗanda suka shiga kai tsaye cikin sarrafa kayan da ake cajin haraji a kansu. VAT na hidima da kuɗin gudanarwa sai a zuba shi cikin kashe-kashe, na manyan kadarori kuma a haɗa shi da kuɗin kadarar. Shinkafa da kayan jarirai duka an yafe musu, kod ɗaya ya wadatar. Sabuwar doka ta ce a cire harajin hidima da na kadara, amma gwargwadon yadda aka yi amfani da su wajen cinikin da ke cikin haraji. Wato yanzu sai an yi rabo, kuma rabon ya dogara ne da sanin wane sifiri ne wane.

Ga lissafin dillalin nan na wata guda, duka adadin ba tare da haraji ba. Ya sayar wa 'yan kasuwar gari sabulu na naira miliyan 9, harajinsa naira 675,000. Ya sayar wa ma'aikata na miliyan 2, harajinsa 150,000. Ya tura na miliyan 1 Maradi. Shinkafa ta tashi miliyan 12, kayan jarirai miliyan 6. Jimlar ciniki miliyan 30, harajin da ke kan takardunsa naira 825,000.

A ɓangaren saye, ya ƙaro sabulu na miliyan 5 a kan wanda ke sito, ya biya VAT 375,000, wanda duka ake cirewa. Ya kuma sayi janareto na miliyan 4, VAT ɗinsa 300,000. Janareton nan ba ya tambayar buhun shinkafa ko kwalin kunzugu kafin ya ba da wuta, kowa yake yi wa aiki, shi ya sa aka sa shi a rukunin `HADAKA`. In an bi hanyar rabo da aka fi sani, wato ta ma'aunin ciniki, cinikin da ke cikin haraji miliyan 24 ne daga cikin 30: sabulu 12, shinkafa 12. Kashi 80 ke nan. Daga 300,000 zai cire 240,000, sauran 60,000 su hau kan kuɗin janareton. A Business Central ana rubuta kashi 20 ɗin da ba ya ciruwa a gurbin `Non-Deductible VAT %` na wannan layi, bayan an kunna wannan aiki a manhajar, ita kuma ta raba da kanta:

```
Dr  Kadara: janareto     4,060,000
Dr  VAT da aka biya        240,000
Cr  Mai kawo kaya        4,300,000
```

Ƙarshen wata: 825,000, a debe 150,000 da ma'aikata ta riƙe, a debe 375,000 na sabulu, a debe 240,000 na janareto. Abin da zai biya naira 60,000.

To a ce ba wanda ya taɓa katin shinkafa tun bara, tana nan a rukunin `YAFE`. Takardun sayarwa za su fito tsaf, ba kwastoman da zai yi ƙorafi, domin sifiri aka caje shi, sifirin kuma ya kamata. Amma rahoton wata zai ce cinikin da ke cikin haraji miliyan 12 ne kacal, kashi 40. Akanta zai cire 120,000 daga harajin janareto maimakon 240,000, ya biya hukuma 180,000 maimakon 60,000. Ninki uku, saboda kalma ɗaya a katin kaya. In kuma kuskuren ya juya, aka jefa kayan jarirai cikin `SIFIRI`, rabon zai nuna kashi 100, a cire 300,000 duka, dillali ya ga bai biyan ko kwabo. Wannan ya fi daɗin ji, ya kuma fi hatsari, don ranar da masu bincike suka zo, 60,000 ɗin zai dawo da tara da kuɗin ruwa a bayansa.

Kashi 20 ɗin nan ba a dasa shi ake yi a manta ba. Ciniki yana sauyawa, da azumi shinkafa ta yi gaba, wani watan sabulu. Dole kamfani ya tsayar da lokacin da zai riƙa sake auna rabon, ya kuma ajiye takardar yadda ya auna.

Kwastoman da ke riƙe haraji, da mai kawo hidimar da ba ya caji

Ma'aikatu da hukumomin gwamnati ba sa ba ɗan kwangila VAT a hannu. Sukan riƙe shi su miƙa wa hukumar haraji da kansu. Kamfanonin mai da iskar gas ma an daɗe da ɗora musu wannan aiki, kuma daga farkon 2023 hukumar FIRS ta ƙara da bankuna da MTN da Airtel. Da yake kuɗin ba ya shigowa, akantoci da yawa sukan mayar da layin `GWAMNATI` sifiri don kada littafi ya nuna bashin da ba a biya ba. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Harajin yana nan a kan cinikin, dole takardar ta nuna shi: miliyan 2 da 150,000, jimla 2,150,000. Abin da ya bambanta shi ne hannun da zai kai kuɗin.

Saitin da ya dace shi ne a bar 7.5 a layin, a ba shi `Sales VAT Account` nasa na daban, don a iya ganin harajin da ake sa ran wani zai biya a madadin kamfani. Ranar da ma'aikata ta biya, ragowar 150,000 da ke kan katinta a kwashe ta zuwa asusun harajin da aka riƙe, ta zauna can har shaidar biya ta zo hannu. Akwai kuma harajin riƙo na kuɗin shiga da ma'aikatar za ta zaftare a biya guda ɗin nan. Wannan dabam ne, asusunsa dabam, kuma cakuɗa su biyun yana daga cikin abubuwan da ke hana katin kwastoman gwamnati rufuwa shekara da shekaru.

Layin ƙarshe na teburin na hidimar da aka saya daga ƙetare ne. In kamfanin waje ya aiko da takardar naira miliyan 1 babu VAT a ciki, doka ta ɗora wa mai saye ya lissafa 75,000 ya miƙa da kansa. `Reverse Charge VAT` shi ke yin haka: mai kawo hidima yana bin miliyan 1 ɗinsa cif, manhaja kuma ta rubuta 75,000 a asusun `Reverse Chrg. VAT Acc.` a matsayin bashin hukuma, ta rubuta kishiyarsa a ɓangaren saye. Tarkon shi ne tun daga 2022 manyan kamfanonin intanet na waje da suka yi rajista a Najeriya suna saka 7.5 a takardarsu. Wanda ya bar irin wannan kamfani a rukunin `KETARE` zai biya sau biyu, kuma na biyun a kan jimlar da ta riga ta ƙunshi haraji. Ba adireshin mai kawo hidima ake dubawa ba, takardarsa ake dubawa.

Kayan da aka shigo da su ta tashar ruwa kuwa a hannun kwastan ake biyan harajinsu, a kan darajar kaya haɗe da kuɗin fito. Manhaja ba ta da hanyar lissafa shi daga farashin mai kaya, don haka ake buɗe masa layi mai salon `Full VAT`, inda duk adadin da aka buga haraji ne.

Farashin kasuwa da farashin littafi

A Singa ba wanda ke cewa "dubu goma, da haraji". Farashi ɗaya ake faɗa, a yi ciniki, a sallama. In katan ya tsaya a 10,750, harajin yana ciki, kuma ciro shi ake yi:

```
VAT = 10,750 × 7.5 / 107.5 = 750
```

Gurbin `Prices Including VAT` a katin kwastoma shi ke gaya wa manhaja haka. In an manta da shi, za ta ɗauki 10,750 a matsayin tsurar farashi, ta ɗora 806.25, takarda ta fito da 11,556.25. Kwastoma zai biya abin da aka yi ciniki a kai ya kama gabansa, a bar littafi da bashin 806.25 da ba wanda ya ci, da harajin da ya haura na gaskiya da naira 56.25 a kowane katan. Wannan kuskuren aƙalla yana da kirki, don tun ranar farko yake ihu.

Ranar da doka ta juya

Fabrairun 2020 ta bar darasi. Waɗanda suka shiga layin harajinsu suka goge 5 suka rubuta 7.5 sun ji daɗi na 'yan kwanaki, har ranar da kwastoma ya dawo da kayan da ya saya a Janairu. Takardar mayar da kaya ta fito da 7.5 a kan cinikin da aka caji 5, aka mayar da harajin da ba a taɓa karɓa ba. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a buɗe sabon rukuni, a mayar da katunan kaya kansa, a bar tsohon don gyaran tsofaffin takardu, daga baya a rufe shi da `Blocked`. Business Central tana da kayan aiki na musamman don wannan ƙaura, `VAT Rate Change Setup`, wanda ke iya bin har odar da ba a kammala ba. Haka ya kamata a yi wa shinkafa: ba a sauya ma'anar `YAFE` ba, katin shinkafar ake ɗagawa zuwa `SIFIRI`.

Yadda ake gane saiti ya karkace

Gwaji na farko kafin a fara aiki ne: a kwafin gwaji na kamfani, a buga takarda ɗaya ta naira 100,000 a kan kowane layi na teburin, da ta mayar da kaya, a duba inda kowane kwabo ya faɗa. Layi bakwai, aikin yamma ɗaya.

Na biyu na kowane wata ne. A jera `VAT Entries` bisa haɗuwar rukunai, na sayarwa dabam, na saye dabam, a ninka jimlar tushe da adadin layin. A misalin nan, miliyan 9 sau 7.5 cikin 100 dole ya ba da 675,000. Bambancin 'yan kwabbai na cike lissafi ne, ba komai. Bambancin dubbai yana nufin wani ya gyara haraji da hannu. Sannan a gwada wannan jimla da ragowar asusun VAT a babban littafi. In ba su zo ɗaya ba, an zuba wani abu cikin asusun ba ta hanyar takarda ba, kuma maganinsa a kashe `Direct Posting` a kan asusun VAT, ban da wanda layin `Full VAT` ke amfani da shi.

Abu na uku shi ne wanda marubucin ya fi cin karo da shi. In aka ƙirƙiri sabon kaya ba a sa masa rukuni ba, ko aka haɗa kwastoma da kayan da ba su da layi a tebur, manhajar takan ƙi rufe takardar, ta ce babu `VAT Posting Setup` na wannan haɗi. Wannan ƙin alheri ne. Amma ga kwastoma tsaye, mota na jira a ƙofar sito, sai wani mai ikon shiga saiti ya buɗe layi mai gurbin kaya fayau, da sifiri a gabansa, don aiki ya wuce. A wani kamfani da marubucin ya taɓa duba wa littafi, irin wannan layi ya yi watanni yana haɗiye duk sabon kayan da aka ƙirƙira cikin gaggawa, ana sayar da su ba haraji, kuma ba a gano ba sai da aka lura ciniki yana hawa amma VAT yana tsaye wuri ɗaya. An share layin, aka tace jerin kaya don fito da masu gurbi fayau, aka kuma taƙaita ikon taɓa teburin ga mutum biyu. Harajin watannin da suka wuce kuwa kamfanin ne ya biya daga aljihunsa, don ba kwastoman da za a bi gida a ce ya ciko 7.5 na sabulun da ya riga ya ƙare.